Jadawalin da muka kai amarya da shi daga Kano zuwa Kubwa

A farkon shekarar 2023 aka yi bikin ƙanwata, mijin kuma a Kubwa yake zaune, a Abuja. Da aka yi zaman dangi a kan yadda za a kai amarya, Baba ya ce ba ya son mata su kama hanyar Kaduna zuwa Abuja a mota, gara a shiga jirgin ƙasa daga Rigasa, tunda ya dawo aiki tun 5 ga Disamban 2022 bayan harin da aka kai masa a watan Maris na 2022. Nan aka tsaya: mota daga Kano zuwa Kaduna, jirgi daga Rigasa zuwa Kubwa. Ni ce babba a ɗakinmu, don haka tsara tafiyar a kaina ya faɗo.

Da muna da niyyar yin tafiyar a mota daga farko har ƙarshe, da ban wahalar da kaina da wani jadawali ba. Motar shata tana jiran wanda ya makara, direba ya yi ta ƙorafinsa amma dai yana nan. Jirgi ba ya jiran kowa. A lokacin sau biyu yake tashi daga Rigasa a rana, ƙarfe 8:00 na safe da ƙarfe 2:00 na rana. Na safe ba zai yiwu ga mai tasowa daga Kano ba sai in zai kwana a Kaduna. Saura na ƙarfe biyu ke nan, kuma in ya wuce mu babu wani sai washegari, ga amarya a hannu, ga dangin miji sun ɗora tukwane suna jira.

Na samu babbar takarda na ja mata gida bakwai: rana da lokaci, abin da za a yi, wurin da za a yi shi, kuɗinsa, abin da aka riga aka biya, yadda za a biya ragowar, sai gida na ƙarshe na sunan mai alhaki da lambar wayarsa. Daga baya na kwafe shi cikin waya don lissafi ya yi sauƙi, amma a takarda aka yi ainihin tunanin.

Layin farko da na rubuta ba na fita daga gida ba ne, na tashin jirgi ne, domin shi kaɗai ne lokacin da babu mai ikon motsa shi a cikinmu. Daga shi na dinga lissafi ina komawa baya. Jirgi ƙarfe 2:00, to dole mu kasance a tasha ƙarfe 1:00, saboda akwai binciken kaya, akwai duba tikiti da katin shaida mutum ɗaya bayan ɗaya, akwai alwala da salla, kuma a cikinmu akwai tsofaffin da ba a ce musu su ɗaga ƙafa. Daga Kawo zuwa tashar Rigasa, a bi ta baifas a karya ta Bakin Ruwa, na ba shi minti 40, don cunkoson cikin Rigasa ba abin rainawa ba ne. Daga Kano zuwa Kawo kimanin kilomita 230 ne. Direba zai rantse miki awa uku ya ishe shi, amma a lokacin ana aikin titin, akwai wuraren da ake haɗe motoci a hannu ɗaya, sai na rubuta awa huɗu. Tsayawa a Zariya don kama ruwa minti 20. In aka haɗa awa biyar ke nan, wato tashi ƙarfe 8:00. Sai na ƙara awa ɗaya cur wadda ba ta da wani aiki illa jiran matsala, na rubuta tashi ƙarfe 7:00, taruwa ƙarfe 6:00.

Taruwa da tashi layi biyu na ba su, kowanne da mai alhakinsa, kuma duka biyun na faɗa wa kowa. Wata gwaggona ta ba ni shawara in ɓoye lokacin gaskiya, in ce ƙarfe biyar za a tashi don su zo ƙarfe bakwai. Ban ɗauka ba. Duk danginmu sun san wannan dabarar, kowa yana ƙara awa biyu a zuciyarsa a kan duk lokacin da aka faɗa masa. Abin da na yi shi ne na nuna musu lissafin kansa, tun daga jirgi har ƙofar gida, don su ga inda ƙarfe bakwai ɗin ya samo asali. Mutum in ya ga dalilin lokaci ya fi girmama shi.

Akwai wani layi da wanda bai taɓa kai amarya ba zai manta da shi, shi ne sallama. Amarya ba ta fita daga gidan ubanta kamar mai zuwa kasuwa. Za a kai ta wurin Baba ya yi mata nasiha, a kai ta ɗakin Umma, a zaga da ita wurin kakanni, a yi kuka, a rarrashe ta, ta sake riƙe mahaifiyarta a sake ɓamɓare ta. Wannan abu yana iya cin awa biyu, kuma ba abin da za a tsaya a kansa da agogo a hannu ba ne, haƙƙinta ne da na iyayenta. Na je na durƙusa gaban Baba na ce, "Baba, in kun amince, a yi nasiha da sallamar gidaje daren Asabar bayan isha'i, da safe sai addu'a kawai." Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Hakan ma ya fi, an fi samun nutsuwa." Sai na rubuta layi biyu: nasiha daren Asabar ƙarfe 8:30, a hannun Gwaggo Babba, sannan addu'a da fito da amarya safiyar Lahadi daga 6:20 zuwa 6:50, ita ma a hannunta. Na zaɓe ta ne don ita kaɗai za ta iya cewa Umma "ya isa haka, sake ta" a saurare ta.

Sunayen matafiya sun fi komai cin rai. Mutum sama da talatin suka ce da su za a je, a ƙarshe aka tsaya a kan sha shida har da amarya, Kawu ne kaɗai namiji, shi ne jagoran tafiya. Abin da ya taimaka wajen rage mutane shi ne ƙa'idar tikiti: bayan dawowar jirgin sai da lambar NIN ake sayen tikiti, kuma sunan da ke kan tikiti dole ya zama na mai shiga. Ke nan ba a sayen kujeru barkatai a ce duk wadda ta shirya ta shiga. Na buɗe shafi na biyu na sunaye, na ce kowace ta turo hoton katinta, ba ta rubuto sunanta da hannu ba. Nan muka gano wata gwaggo da duk muka taso muna kira da sunan rana ashe sunan yanka ne a katinta, wata kuma sunan mahaifinta ne a kati alhali kowa da sunan miji ya san ta. Da an saya musu da sunan da baki ya saba, a bakin ƙofar tasha za a gane, lokacin da babu sauran gyara.

A shafin sunayen na yi gida biyu, na zuwa da na dawowa, domin masu dawowa ba su ne masu tafiya ba. Amarya ba za ta dawo ba, haka ƙaramar ƙanwarmu da za ta zauna ta ɗebe mata kewa. Amma 'yan jere su uku da suka riga mu tafiya tun Alhamis tare da motar kaya, da mu za su dawo. Sha shida a cire biyu a ƙara uku, sha bakwai. Tikitin gama-gari a lokacin naira 3,600 ne, don haka zuwa ya kama 57,600, dawowa 61,200.

Ranar dawowa ma jadawalin ne ya yanke ta. Dangin ango sun sa buɗar kai ranar Litinin da hantsi, mutanenmu kuma suka ce da an gama sai a kama hanya. Da na rubuta layin sai abin ya fito fili: jirgin yamma yana barin Idu, tashar ƙarshe ta Abuja, ƙarfe 3:30, ya isa Rigasa wajen shida saura, wato magariba za ta same mu ba mu bar Kaduna ba, mu yi awa huɗu a titin da ake aiki cikin dare, mata zalla da dattijo ɗaya. Na kai wa Kawu takardar na ɗora yatsa a kan layin. Bai ja magana ba, ya ce a ƙara kwana, a biyo jirgin safe na Talata mai barin Idu 9:45, mu sauka Rigasa wajen sha biyu, mu shiga Kano da la'asar. Wannan ya jawo sabon layi, na kwana biyu a masauki maimakon ɗaya, kuma sai da aka sanar da masu masaukin tun da wuri don kada mu zame musu nauyin ba-zata.

Ga yadda ranar Lahadi ta kasance a takardar, na rage wasu gidajen don ta shiga nan:

| Lokaci | Abin yi | Kuɗi | Mai alhaki |
|---|---|---|---|
| 5:45 | Homa ta iso ƙofar gida da cikakken tanki | 65,000, an biya 20,000 | Kawu |
| 6:00 | Taruwa, kiran suna, duba katin kowa | babu | ni |
| 6:00 | Loda abincin hanya da ruwa | 24,000, an biya | matar Yaya |
| 6:20 | Addu'a da fito da amarya | babu | Gwaggo Babba |
| 7:00 | Tashi, Homa da ƙaramar mota | mai 20,000 | ƙanina |
| 9:30 | Tsayawa a Zariya, minti 20 | babu | Kawu |
| 1:00 | Shiga tashar Rigasa, 'yan dako | 5,000 | ɗan Kawu |
| 2:00 | Tashin jirgi | 57,600, an biya | ni |
| 3:45 | Motoci huɗu suna jira a tashar Kubwa | na ango | babban abokin ango |

Gidan ƙarshe shi ne wanda na fi tsanantawa a kai, kuma doka ɗaya na kafa masa: suna ɗaya a kowane layi. Ba "mata", ba "samarin gida", ba "dangin ango", ba "Kawu da Yaya". Aiki in aka ba mutum biyu, kowanne yana kwana da tunanin ɗayan ya yi. Mutum yana iya neman masu taya shi ko goma ne, amma wanda za a kira in abu ya tsaya guda ɗaya ne, kuma sai na ji daga bakinsa cewa ya karɓa kafin in rubuta sunansa.

Amfanin wannan doka a layin ƙarshe na gan shi. Da na tambayi ɓangaren ango wa zai tare mu, amsar da aka ba ni ita ce, "Haba, kada ki damu, za a zo." Na ce na gode, amma suna nake so da lamba. Sai da na matsa aka ba ni babban abokin ango. Ranar Asabar da yamma na bi jadawalin layi-layi ina kiran kowa, ba kuma tambayarsa nake "komai lafiya?" ba, don wannan tambayar amsarta kullum "lafiya ƙalau" ce. Cewa nake ya maimaita mini aikinsa: ƙarfe nawa, a ina, mota nawa. Da na zo kansa sai ya ce motoci huɗu, ƙarfe huɗu, a Idu. Na ce, "Malam, Kubwa za mu sauka, ba Idu ba." Ashe shi da ya ji jirgin Abuja sai ya ɗauka tashar ƙarshe ake nufi, alhali jirgin yana tsayawa a Kubwa kafin ya ƙarasa Idu, kuma gidan amarya a Kubwa yake. Da ba a yi wannan kiran ba, da mun sauka mun tsaya da amarya lulluɓe a bakin tasha, motoci suna can wani wuri suna jiran mu.

Sai maganar kuɗi, wadda a wannan lokacin ta zama wani abu daban. Lokacin canjin kuɗi ne, an sauya takardun 200 da 500 da 1,000, sababbin ba su wadata ba, tsofaffin kuma ana gudun su. Mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen ruwa a hanya. Shi ya sa na ƙara gidan "yadda za a biya", inda kowane layi na rubuta ko taransifa ko tsaba. Direban Homa na zauna da shi ta hannun Kawu aka fayyace: 20,000 kafin alƙalami ta taransifa, 25,000 tsaba don shan mai, ragowar 20,000 taransifa bayan ya sauke mu a Rigasa. Man kuma aka ce a ba shi kuɗinsa ranar Asabar ya sha tun dare, don ana layin mai a lokacin, kuma motar da ta shiga layi da fasinja a ciki ta gama da jadawali. Motar dawowa daga Kawo ɗan Kawu da ke karatu a Kaduna ya samo ta, a kan farashi ɗaya da sharaɗi ɗaya.

Jimillar tafiyar ta kama naira 327,800, ban da motar kaya da Baba ya biya daban: tikiti 118,800, shata zuwa da dawowa 130,000, man ƙaramar mota 20,000, abinci 24,000, dako 5,000, sai 30,000 na ko-ta-kwana. Amma adadin da ya fi damuna ba wannan ba ne, wanda ya fito ne da na tara layukan da aka rubuta wa "tsaba" kaɗai, wato 105,000. Sanin wannan adadin mako guda kafin tafiya shi ya ba mu damar tara shi a hankali, wani daga wurin mai shagon unguwa da muka tura wa ya ba mu cinikinsa, wani daga gudummawar biki da aka kawo a hannu. Na raba shi a ambulan, kowanne na rubuta aikin da zai yi a bayansa, na damƙa wa mai layin. Na ko-ta-kwana kawai na riƙe a jakata.

Tikiti kuwa ba a buɗe sayar da shi sai tafiya ta matso, kuma kujeru suna ƙarewa da sauri, musamman ƙarshen mako. Na raba sunayen gida uku tsakanina da ƙannena biyu, kowa ya zauna da wayarsa da kuɗi a asusunsa, muka saya a lokaci ɗaya. Duk da haka sunana ne a layin, ni ce na tattara tikitin, na buga su a takarda, na haɗa kowanne da kwafin katin mai shi. Ban yarda a dogara da waya ba, don caji yana ƙarewa, sabis yana ɗaukewa, kuma rabin gwaggonnina ba su riƙe babbar waya.

Saboda su ne ma jadawalin bai tsaya a rubuce ba. Na ɗauki hotonsa na tura a zauren WhatsApp na biki, sannan na karanta shi da murya na tura, don wadda ba ta karatun boko ta saurara. Duk lokacin da wani abu ya canja sai in rubuta rana da lokaci a saman sabon, in ce a goge na baya. Ni kaɗai nake gyara shi. Wadda take da canji ta kira ni, ba ta rubuta a zaure ba, domin saƙo a zauren biki yana nutsewa ƙarƙashin hotunan anko cikin minti biyar. Gidan kuɗi kuma ban sa shi a kwafin jama'a ba, Baba da Kawu da ni kawai muke da cikakken, don abin da uba ya kashe a bikin 'yarsa ba na yawo a wayoyi ba ne.

Ranar Lahadi Homa ta iso shida saura, da cikakken tanki. Da aka kira suna mutum biyu babu, ɗaya ta iso 6:40, ɗaya kuma ta bugo waya cewa a biya ta Na'ibawa a ɗauke ta, tunda a kan hanya take. Kawu ya yarda da sharaɗin ta tsaya a bakin titi da jakarta, mota ba za ta shiga layi ba. Amarya ta fito 7:05, muka tashi 7:15. Kafin Kwanar Dangora tayar baya ta yi faci, safayar kuma babu wadatacciyar iska, sai da aka nemi mai faci. Minti 40 suka tafi a nan, mai facin kuma ya ce shi bai san wata taransifa ba, aka buɗe ambulan na ko-ta-kwana. Wata daga bayan mota ta fara salati tana cewa jirgi ya tafi. Na duba takarda: mun ci minti 55 daga cikin awa ɗayan da aka ajiye, ba mu taɓa lokacin hanya ba tukuna. Na faɗa wa Kawu, ya juya ya ce, "Ku kwantar da hankalinku, muna cikin lokaci, amma Zariya minti goma za a yi." Ya kuma hana direba gudun da ya fara niyyar yi don ya rama, wanda a ganina shi ne babban amfanin wannan awa ɗayan. Ƙarfe ɗaya saura 'yan mintuna muka shiga tashar Rigasa, ɗan Kawu yana tsaye da 'yan dako biyu. Muka haɗa azahar da la'asar muka yi ƙasaru, aka duba mu ɗaya bayan ɗaya babu wadda aka tsayar, muka sauka Kubwa muka tarar da motoci huɗu.

Bayan mun dawo ranar Talata na cike gidan da na bari a gefen takardar, na abin da aka kashe a zahiri. Daga kuɗin ko-ta-kwana an taɓa 9,000: faci 4,000, ƙarin dako a dawowa 2,000, maganin wata gwaggo da jiri ya kama 3,000. Sauran layukan duk sun tsaya yadda aka rubuta su, tafiyar ta tashi a kan 306,800. Ranar Laraba da safe na kai wa Baba takardar da ragowar 21,000, ya bi ta layi-layi da tabaransa, ya tambayi dalilin da tikitin dawowa ya fi na zuwa, na nuna masa sunayen 'yan jere uku.